Wasanni bakwai na sabon ɗan wasa: daga 1500 zuwa 1888, sannan ƙasa

Wani mutum ya buɗe sabon asusu a dandalin buga ches ta intanet, aka ɗora shi a kan maki 1500. Ya ci wasa uku a jere, sai ga shi a 1888. Ya sha kaye uku a jere, ya sauko 1707. Ya ci na bakwai, aka ƙara masa 14 kacal, alhali cin farko 175 ya kawo masa. Shi kuwa wanda ya doke a wasan farkon, tsohon ɗan wasa ne a dandalin, maki 5 kawai ya rasa. Duk wanda ya kalli waɗannan lambobi ba tare da sanin yadda aka same su ba zai ce ko dai na'urar ta rikice, ko kuma ana nuna son kai. Babu ko ɗaya daga cikin biyun.

Ɗan wasan nan ni na ƙirƙire shi don lissafi, haka ma abokan karawarsa. Lambobin kuwa ba ƙirƙira ba ne. Haka suke fitowa idan aka bi ƙa'idar Glicko, wani tsarin lissafa makin 'yan wasa, wasa bayan wasa, kuma duk mai haƙuri da kalkuleta zai iya sake fitar da su. Amfanin ƙirƙirar shi ne mu san abin da na'urar ba ta sani ba: ainihin ƙarfin mutumin 1700 ne, kuma bai ƙaru ko ya ragu ba a tsawon wasannin bakwai. Hannunsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Abin da ke hawa da sauka shi ne zaton da na'urar ke yi a kansa.

## Abin da makin ke faɗa

Tushen duk waɗannan tsare-tsare shi ne aikin Arpad Elo, malamin kimiyyar fiziks haifaffen Hungary da ya rayu a Amurka. Hukumar ches ta Amurka ta fara amfani da tsarinsa a 1960, hukumar duniya wato FIDE ta bi sahu a 1970. Dabararsa ita ce maki shi kaɗai ba ya nufin komai, tazarar da ke tsakanin makin mutum biyu ita ce ke magana. Daga tazarar ake fitar da hasashe: idan waɗannan biyun suka kara sau da yawa, kashi nawa na sakamakon zai faɗa hannun kowannensu?

```
E  = 1 / (1 + 10^((Rb - Ra)/400))
R' = R + K * (S - E)
```

Layin farko shi ne hasashen, E, inda Ra ke nufin makinka, Rb kuma makin abokin karawarka. Idan maki ɗaya ne, kowa rabi. Idan ka fi abokin karawarka da 100, ana sa ran ka kwashe kashi 64 cikin ɗari. Tazarar 200 tana ba da kashi 76, ta 400 kuma kashi 91, wato goma bisa ɗaya. Layi na biyu shi ne gyaran da ake yi bayan wasa. S sakamakon ne: 1 idan ka ci, rabi idan an yi kunnen doki, sifili idan an ci ka. Ana cire hasashe daga sakamako, abin da ya rage a ninka shi da K. Ke nan ba cin wasa ake saka wa ba, mamakin da cin ya bayar ake sakawa. Wanda aka riga aka yi hasashen zai ci, idan ya ci bai gaya wa na'urar sabon labari ba.

K shi ne girman takun da ake yi bayan kowane wasa, kuma a kansa duk maganar take. A FIDE, sabon shiga yana da K na 40 har sai ya kammala wasa 30, daga nan ya koma 20, wanda ya taɓa kai maki 2400 kuma ya koma 10. Hawa uku ne, da hannu aka yanka su. Hukumar ta san cewa sabo yana bukatar babban taku, amma tsarin Elo ba shi da wurin da zai rubuta iyakar saninsa game da kowane mutum. Ɗan wasan da ya buga 31 da wanda ya buga 3,000 taku ɗaya suke yi.

Wannan giɓi ne Mark Glickman, masanin ƙididdiga, ya cike a 1995 da tsarin da ya kira Glicko. Ya ba kowane ɗan wasa lamba ta biyu, RD, wadda ke auna faɗin shakkar da ake da ita a kan makinsa. Sabo yana farawa da maki 1500 da RD 350. Yadda ake karanta su: a ninka RD sau biyu, a cire daga maki, a kuma ƙara a kai, to ana da tabbacin kusan kashi 95 cewa ainihin ƙarfin yana tsakanin iyakokin nan biyu. Ga sabo, tsakanin 800 ne da 2200. A taƙaice na'urar tana cewa ba ta san shi ba. 1500 ɗin ba hukunci ba ne, tsakiyar jahilci ce kawai.

## Hawan

Ga ƙa'idar da za mu bi, idan an ɗauki kowane wasa shi kaɗai:

```
q   = ln(10)/400
g   = 1 / sqrt(1 + 3*q^2*RDb^2/pi^2)
E   = 1 / (1 + 10^(-g*(Ra - Rb)/400))
RD' = 1 / sqrt(1/RD^2 + q^2*g^2*E*(1 - E))
R'  = R + q*RD'^2*g*(S - E)
```

Kada yawan alamomin ya tsorata kowa. A dubi layin ƙarshe, za a ga Elo ne ya sake riga. Inda K yake zaune a da, yanzu akwai `q*RD'^2*g`. Wato K bai tsaya wuri ɗaya ba, daga shakkar ake haifar da shi, kuma RD ɗin ana ninka shi da kansa ne kafin ya shiga, don haka idan shakka ta ninka biyu, taku ya ninka huɗu. Shi kuma g ragi ne da ake yi gwargwadon shakkar da ke kan abokin karawa, wato RDb. Duk abokan karawar mutuminmu na ba su RD 50, wato tsofaffin hannu ne da aka san ƙarfinsu, saboda haka g nasu kusan 0.99 ne, ragin bai taka kara ya karya ba.

Wasan farko da mai 1500 ne. Hasashe rabi da rabi. Lissafi ya sauko da RD daga 350 zuwa 248, kuma K ɗin da ya fito daga nan 350 ne. A kwatanta da 40 na FIDE. Ya ci, rabin 350 ya hau kansa, ya zama 1675.

A nan ya kamata a tsaya a dubi ɗaya ɓangaren allon. Wanda aka ci yana da RD 50, don haka takunsa ƙarami ne tun asali. Sannan wanda ya ci shi baƙo ne mai RD 350, g na baƙon 0.67 ne kawai, an sake rage takun da kashi ɗaya cikin uku. K nasa ya tsaya wajen 9.5, ya rasa ƙasa kaɗan da 5. Ɗaya ya samu 175, ɗaya ya rasa 5, daga wasa guda. A Elo mai K iri ɗaya, abin da wani ya samu daga aljihun wani ya fito. A Glicko ba a ɗebe maki daga wannan a zuba wa wancan. Kowa ana gyara zatonsa ne daban. Kuma hujjar a bayyane take: wasan ya koya mana abu mai yawa game da baƙon, domin ba mu san komai a kansa ba. Game da tsohon kuwa bai koya mana komai ba sai kaɗan, domin wa ya sani ko baƙon nan gwani ne da ya buɗe sabon asusu? Ba za a hukunta mutum da yawa don ya faɗi a hannun wanda ba a san ko wane ne ba.

Dandalin yana haɗa mutum da na kusa da makinsa, don haka wasa na biyu da mai 1700 ne. Hasashe ya ba mutuminmu kashi 46. RD ya sauka zuwa 203, K ya zama 234. Ya ci, ya samu 125, ya kai 1800. Na uku da mai 1800: RD 176, K shi ma wajen 176, ya sake ci, 88 suka hau, 1888.

Yanzu ga shi a 1888, alhali mun san 1700 ne. Ya wuce gidansu da kusan maki 190. Shin na'urar ta yi ƙarya? A karanta lambobin biyu tare: 1888 da RD 176 suna nufin tsakanin 1536 da 2240. 1700 na ciki, zaune daram. Na'urar ba ta taɓa cewa mutumin 1888 ne ba. Cewa ta yi, cikin duk abin da zai iya zama, wannan ne ya fi dacewa da wanda ya doke 1500 da 1700 da 1800 bai faɗi ko sau ɗaya ba. Kuma da gaskiyarta. Idan ka tara duk mutanen da suka fara da irin wannan ci uku, za ka tarar da yawansu sun fi mutuminmu ƙarfi nesa ba kusa ba.

Shi dai sa'a ce ta ɗan taimake shi, kuma ana iya auna ta. Mai ƙarfin 1700 yana da kashi 76 a kan mai 1500, rabi a kan tsaransa, kashi 36 a kan mai 1800. Idan muka ajiye kunnen doki gefe muka ninka ukun, za mu samu kusan kashi 14, wato ɗaya cikin bakwai. Ba abin al'ajabi ba ne. A dandalin da sababbi ke shigowa kullum, irinsa ba sa ƙirguwa. Haka kuma a ɗaya gefen: sau ɗaya cikin huɗu, wannan mutumin dai zai faɗi a wasan farko, ya tashi daga 1500 ya dira 1325. Mutum ɗaya, hannu ɗaya, amma bayan wasa guda yana iya kasancewa a 1675 ko a 1325. Tazarar maki 350 ta rataya a kan sakamako ɗaya, wanda wataƙila kuskuren danna linzami ne ya yanke shi.

Abin da ke haddasa wannan shi ne ƙarancin labarin da wasa ɗaya ke ɗauke da shi. Na'urar ba ta ganin allon. Ba ta san ko da ƙyar aka ci ko da sauƙi ba, ko lokaci ne ya ƙare wa wanda ke kan gaba. Abin da ke isa gare ta kalma ɗaya ce cikin uku: ya ci, an ci shi, an tashi canjaras. Da wannan ɗan guntun bayani ake so ta gano wurin mutum a fili mai faɗin maki 1,400.

## Saukar, da wasan da bai kawo komai ba

Hawan da ya yi shi ya jawo masa abokan karawa da suka fi ƙarfinsa, kuma ta nan gyaran ke zuwa. Mai 1900 ya ci shi, ya rasa 68, ya koma 1820. Mai 1800 ya ci shi, 62 suka tafi, 1758. Mai 1750 ma ya ci shi, 51, ya tsaya a 1707. Shi a ransa zai ɗauka hannunsa ne ya lalace, ko kuma an gano shi. A lissafi kuwa, damar mai ƙarfin 1700 ya faɗi a waɗannan ukun a jere ta haura kashi ɗaya cikin huɗu. Faɗuwar ta fi hawan zama abin da aka saba gani, har ninki biyu.

A lura da yadda takun ke ƙanƙancewa: 175, 125, 88, 68, 62, 51. RD kuma ya bi ta 248, 203, 176, 157, 144, 133. Wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: a layin da ke lissafa sabon RD babu S. Ko ka ci ko an ci ka, shakkar raguwa ɗaya take yi. Abin da ke rage ta shi ne buga wasan, da kuma irin wanda aka buga da shi. Mai awo da tsohon sikeli haka yake yi, da manyan duwatsu yake farawa, ya ɗora wannan ya wuce, ya sauke ya sa wancan ya gaza, sai ya kusa daidai yake koma wa ƙanana. Wanda ya leƙo a tsakiyar awon zai ga sikelin na rawa ya zaci kayan ne ke canza nauyi.

Wasa na bakwai ya zo da mai 1400, ƙasa da shi da fiye da 300. Hasashe ya ba shi kashi 85. Ya ci, ya samu 14, ya zama 1721. Da ya faɗi, 80 zai rasa. Masu ƙorafi a nan suka fi tsayawa, suna cewa wannan ciniki ne na asara. Ba asara ba ne kuma ba riba ba: kashi 85 na ribar 14 da kashi 15 na asarar 80 suna cinye juna, sifili ke saura. Haka kowane wasa yake ga wanda makinsa ya yi daidai da ƙarfinsa, don haka babu wata dabarar zaɓen abokin karawa da ke haifar da maki daga iska. Abin da ya fi wannan muhimmanci a wasan shi ne RD, wanda ya motsa daga 133 zuwa 128 kawai. Yawan labarin da wasa ke bayarwa yana bin `E*(1 - E)`. Idan an yi daidai wa daida, wannan 0.25 ne, kuma ba ya wuce haka. A wasan na bakwai 0.13 ne, rabin labari ke nan. Sabon da ke son makinsa ya zauna da wuri, tsaransa zai nema. Farautar raunana tana tsawaita masa zaman rashin tabbas ne kawai.

Bayan wasa bakwai ke nan: 1721, RD 128, iyakoki daga 1464 zuwa 1978. Tsakiyar ta faɗa kusa da gaskiya, amma wannan ma akwai sa'a a ciki, domin faɗin shakkar har yanzu ya haura maki 500. Daga nan raguwar tana tafiyar hawainiya. Idan duk wasannin da tsara ne, ana bukatar kamar 12, idan an ƙirga tun daga na farko, kafin RD ya sauka ƙasa da 100, sannan kusan 50 kafin ya kai 50. Don a raba shakka biyu, sai an ninka wasanni huɗu. Dandalin Lichess, wanda ke amfani da Glicko-2, sabon fasalin Glicko, yana liƙa alamar tambaya a gefen makin duk wanda RD ɗinsa ya haura 110. Da irin wannan ma'auni za a auna mutuminmu, sai a wasa na goma alamar za ta fita daga kansa.

## Da an hana shi rawa fa?

Tambayar da ta dace ita ce: me zai faru da an ba shi ƙaramin taku tun farko? Mu ɗauki wasannin nan bakwai da sakamakonsu, mu bi su da Elo mai K na 20 daga 1500. Cin uku na farko zai ba shi 10, da 15, da 17. Faɗuwa uku za su ci masa wajen 2, da 3 da rabi, da 4 da rabi, domin ana ganinsa ƙarami a gaban waɗannan mutane, ba a sa ran zai ci. Na bakwai ya ƙara 6. Ya ƙare a 1538. Layin makinsa zai yi kyau a ido, babu hawa babu gangara, kuma zai yi nesa da gaskiya da fiye da 160.

Nisan nan ba ya rufuwa da sauri. Idan ana haɗa shi da masu maki irin nasa, a farko zai riƙa samun kamar maki 5 a kowane wasa bisa matsakaici, kuma ribar na raguwa yayin da yake matsowa. Sai ya buga wajen 25 kafin ya cinye rabin tazarar 200, wajen 50 kafin ta rage saura kwata. A duk tsawon lokacin nan ba shi ke biyan kuɗin jinkirin ba. Masu 1500 da 1550 na gaskiya ne ke biya, ana kawo musu wanda ya fi su a rigar tsaransu, yana cin su uku cikin huɗu, yana kuma tafiya da cikakken makinsu domin Elo ba ta da g da zai kare su. Ita kanta FIDE ba ta yarda ta faɗa wannan rami ba. Ba ta ɗora sabo a kan wata lamba ta kowa da kowa, sai ya buga aƙalla wasa 5 da masu maki, sannan a lissafa masa makin farawa daga yadda ya yi da su. Rawar tana nan, an dai yi ta ne a bayan labule.

A ganina babban taku a farko shi ne zaɓin da ya fi, kuma ba kusa ba. Wanda aka yi wa rawa na wasa goma ya fi wanda aka ajiye a wurin da ba nasa ba na wasa hamsin. Inda nake ganin laifin dandali shi ne wajen nuni. Tsarin lamba biyu yake riƙewa, allo kuma ɗaya yake nunawa da manyan haruffa, ɗayar sai an tona. Mutum ya ga 1888 ya ɗauka nasa ne, ya gaya wa abokai, sannan ya ji an ƙwace masa 181. Ba a ƙwace masa komai ba, domin ba a taɓa ba shi ba.

Akwai masu magance wannan ta wata hanya. TrueSkill, tsarin da Microsoft ya fito da shi a 2005 don wasannin Xbox Live, shi ma lamba biyu yake riƙewa: zato da ke farawa daga 25, da shakka da ke farawa daga kashi ɗaya cikin uku na 25. Amma abin da ake jera mutane da shi shi ne zaton bayan an cire masa shakkar sau uku. Sabo ke nan daga sifili yake farawa, kuma da yake shakka na raguwa ko an ci ko an faɗi, lambar da yake gani ta fi karkata zuwa sama a kwanakin farko. Yana jin yana ci gaba, alhali galibin abin da ke faruwa shi ne na'urar ce ke ƙara saninsa. Dabara ce mai kwantar da rai, tana kuma hana mai sa'ar wasa uku hayewa saman jeri. Ba ta ƙara ko ƙwayar labari a kan abin da wasa ɗaya ke bayarwa ba.

## Inda lissafin ke yin tuntuɓe da gaske

Labarin mutuminmu ya tafi lami lafiya ne saboda na share masa hanya: abokan karawarsa sanannu ne, ƙarfinsa kuma bai motsa ba. A cire na farko a gani. Idan wasansa na farko da wani sabo ne irinsa, mai 1500 da RD 350, cin zai ba shi 162, kusan daidai da 175 ɗin can, amma RD zai tsaya a 290 maimakon 248. An yi babban tsalle, an koyi abu kaɗan. Inda sababbi suka yi yawa suna ta karawa da junansu, rawar tana daɗewa, kuma makin rukunin gaba ɗaya yana iya zama a wurin da bai dace da na sauran jama'ar dandalin ba, har sai sun gauraya da tsofaffi.

Cire na biyu ya fi haɗari, domin ba ya nuna kansa. Lissafin RD ya ginu ne a kan cewa abin da ake aunawa yana tsaye. Sabon shiga na gaskiya, wanda yanzu yake koyon wasan, ba a tsaye yake ba. Yana iya buga wasa 60 a makonnin farko, RD ya matse, taku ya koma ƙarami, sannan ya fara gane wasan ya ƙara ƙarfi da maki 200. Yanzu na'urar ta tabbata a kan abin da ya riga ya wuce. Glicko na da ɗan magani: RD yana sake buɗewa da wucewar lokaci, har iyakar 350, shi ya sa wanda ya daɗe bai buga ba yake dawowa ya tarar makinsa na tsalle kamar na sabo. Sai dai wannan maganin ya fi aiki ga wanda ya tafi hutu, ba ga wanda ke bugawa kullum yana ƙaruwa ba. Don haka Glickman ya ƙara lamba ta uku a Glicko-2, wadda ke auna yawan saɓanin sakamakon mutum da hasashe. Idan saɓanin ya yawaita, sai ta sa RD ya riƙa buɗewa da sauri, taku ya ƙaru.

To ta yaya mutum zai bambance rawar da ba ta da illa da makin da ya makale a baya? Ba ta kallon hawa da saukar layin ba. A ɗauki wasanni 30 na baya-bayan nan, a tara hasashen kowanne, a tara ainihin sakamakon, a kwatanta. Idan duk da tsara aka buga, hasashen 15 ne. Sa'a kaɗai tana iya kai sakamakon ko'ina tsakanin 10 da 20 ba tare da wani abu ya canza ba, domin karkatar da aka saba gani a wasa 30 wajen 2.7 ce, ninkinta biyu kuma biyar da rabi. Mai 18 cikin 30 bai da hujjar cewa an danne shi, mai 12 ma bai da dalilin cewa ya lalace. Amma wanda ya kwashe 23, sannan a talatin na gaba ya sake yin kusa da haka duk da makinsa ya hau, wannan makinsa na bin sa a baya ne. Ko dai yana ƙaruwa da sauri fiye da takun da aka ba shi, ko kuma gwani ne da ya shigo da sabon asusu, ko wani ne ke buga masa. Lissafin ba zai iya rarrabe ukun nan ba, domin duka sakamako iri ɗaya suke aiko masa. Rarrabewar sai an buɗe wasannin an duba yadda aka buga su.